Lasifika takwas a masallaci, amma ba a gane huɗuba: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Masallacinmu tsawonsa mita 24 ne daga alƙibla zuwa bangon baya, faɗinsa mita 15, tsayin silin mita 6. Bango filasta ne da tayil, ƙasa kuma siririn kafet. Mun kafa lasifika takwas, biyu a kowane bango, can sama kusa da silin. Ƙara kam akwai ta, amma magana ba ta fita, sai amsa-kuwwa, musamman da asuba. Wasu sun ce mu ƙaro lasifika huɗu da babbar amfilifaya. Yaya ya kamata mu jera su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ku dakatar da maganar sayen ƙari tukuna. A ɗaki irin naku ragewa za a yi, kuma waɗanda suka rage duk su fuskanci gefe ɗaya.

Abin da jama'a ke kira amsa-kuwwa abu biyu ne daban, maganinsu ma daban. Na farko shi ne jan sautin da ɗaki ke yi: an yi magana an gama, amma sautin yana ta yawo tsakanin bango da silin kafin ya mutu. Na biyu shi ne maimaici, inda kunne ke jin kalma ɗaya sau biyu a rarrabe. Za ka iya bambance su da tafi. Ka kashe na'ura da fankoki lokacin da babu kowa, ka tsaya wajen liman, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji sautin ya ja doguwar jela yana raguwa a hankali, jan ɗaki ne. In ka ji wani "tas" na biyu ya dawo maka a fili, wani bango ne mai santsi ke maido shi, kuma galibi bangon baya ne. A tsarin da kuka yi, ina kyautata zaton za ka ji duka biyun.

Mu fara da maimaicin, don shi ne wanda jeren lasifikokinku ke haifarwa kai tsaye. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, wato kowace mita tana cin kusan milisakan 3, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Idan sauti iri ɗaya ya iso kunne daga wurare biyu, kuma tazarar isowarsu ba ta wuce milisakan 30 ba, kunne yana haɗe su ya ji murya ɗaya. Da zarar tazarar ta kai wajen milisakan 50, wato bambancin tafiya na kusan mita 17, sai ya fara jin su biyu. To duba mutumin da ke sahun farko a masallacinku. Lasifikar bangon alƙibla tana kansa, yana jin ta nan take. Ta bangon baya kuma tana harbo masa wannan kalmar daga mita 24, ta iso bayan kusan milisakan 70. Na gefe su ma kowace da lokacin isowarta. Kalma ɗaya, isowa takwas. Wanda ke sahun ƙarshe shi ma haka, sai dai a juye. Liman ya fi kowa shan wahala: muryarsa ta je bangon baya ta dawo, tafiyar mita 48, kusan milisakan 140, daidai lokacin da yake furta gaɓa ta gaba. Shi ya sa za ka ga mai karatu yana jan baki ko yana sarƙewa ba tare da ya san dalili ba.

Sai jan ɗaki. Ana auna shi da tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ƙarfinsa ya ragu da desibel 60, wato kusan ya mutu. Ana kiran wannan lokacin RT60, kuma akwai lissafin Sabine da ke ba da ƙiyasi mai kyau:

```
RT60 = 0.161 × V / A
```

V shi ne girman cikin ɗakin, A kuma jimillar abin da ke shanye sauti. Naku V ɗin 24 × 15 × 6 ne, wato mita kubik 2,160. Filasta da tayil da gilashi kusan ba sa shan komai, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari kawai, sauran duk su maido. Siririn kafet a kan siminti yana shan kamar kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar zangon murya. In aka haɗa ƙasa da silin da bangaye, A ɗinku zai tsaya wajen 100, sai lissafin ya ba da kusan sakan 3.5. Magana kuwa tana son ɗaki mai sakan 1 zuwa 1.5. Mutum yana furta gaɓa huɗu ko biyar a sakan guda, don haka a ɗakinku kowace gaɓa tana faɗowa ne a kan jelar gaɓoɓi fiye da goma da suka gabace ta. Wasula masu ƙarfi ne, su ne ke cika ɗakin. Baƙaƙe irin su "s" da "t" da "f" da "k" raunana ne kuma gajeru, su ne ke nutsewa, alhali da su ake gane kalma.

Wannan lissafin ya bayyana maganar asuba da ka yi. Jikin mutum da tufafinsa suna shan sauti, kowane mutum yana ƙara kamar 0.4 a kan A. Ranar Juma'a mutum ɗari uku sun ninka A ɗin har da ɗoriya, jan ya sauko ƙasa da sakan 2. Da asuba sahu biyu ne ko uku, ɗakin ya koma halinsa. Saboda haka duk gwajin da za ku yi, ku yi shi ɗaki babu kowa. Abin da ya yi kyau a haka zai ƙara kyau in an cika.

Me ya sa ƙarin lasifika da ƙarin ƙarfi ba su taimakawa? Sautin da ya taho kai tsaye daga lasifika zuwa kunne shi ne mai ɗauke da ma'ana, kuma yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Sautin da ke yawo a ɗaki kuwa kusan ƙarfinsa ɗaya ne ko'ina. Akwai wani nisa inda su biyun ke yin kunnen doki, bayansa kuma mai yawon ne ke rinjaye. Kowace lasifika da ka ƙara, mutanen da ke gabanta kaɗai take amfana, amma tana zuba nata kason a cikin yawon da kowa ke ji. A ɗakinku, akwatin lasifika guda ɗaya na yau da kullum zai riƙe rinjayensa har kusan mita 3.5. In takwas suna aiki tare, wannan nisan ya koma kamar mita 1.2. Ku kuwa kun ɗaga su kusa da silin, wanda ke nufin babu mutum ko ɗaya a masallacin da ke cikin wannan tazara. Murɗa ƙara ba ya canza komai a nan, domin yana ɗaga na kai tsaye da mai yawo daidai wa daida.

Yanzu ga jeren. Ku sauke duk takwas ɗin. Abin da ya dace da ɗaki mai santsi shi ne doguwar lasifika siririya, wadda masu sana'a ke ce wa kolum, mai ƙananan lasifikoki jere a tsaye, tsawonta kamar mita ɗaya ko fiye. Amfaninta shi ne tana baza sauti sosai hagu da dama, amma sama da ƙasa tana matse shi, galibi digiri 20 zuwa 30. Wato tana zuba sautin a kan jama'a, ba ta ɓarnatar da shi a silin. A tsaye ake kafa ta. Wanda ya kwantar da ita don ta fi kyan gani ya juya aikinta: ta matse hagu da dama, ta baza sama da ƙasa.

Guda huɗu sun ishe ku. Biyu na farko a bangon alƙibla, ɗaya a kowane gefen miharabi, kowace kamar mita 3.5 zuwa 4 daga tsakiya, suna kallon jama'a. Biyu na biyu a rabin ɗakin, wajen mita 12 daga alƙibla, a kan ginshiƙai in akwai, in babu a bangon gefe da ƙarfen riƙo mai juyawa. Su ma baya za su kalla, wato su ci gaba da tura sautin ta inda na farko suka turo shi, a ɗan karkato su zuwa tsakiyar sahun ƙarshe. Kada su kalli juna ta faɗin ɗakin. A bangon baya kuwa kada a sa lasifika ko ɗaya. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa, domin ido yana son ya ga an raba lasifika daidai a kusurwa huɗu, kunne kuma ba haka yake so ba.

Tsayi yana da muhimmanci ƙwarai. Kunnen mai tsayuwa yana wajen mita 1.6, na mai zama a ƙasa wajen santimita 80, na mai zama a kujera wajen mita 1.2. Ƙasan lasifikar ya kasance kamar mita 2.2 daga ƙasa, yadda kawunan sahun gaba ba za su tare wa na baya ba, kuma hannu ba zai riƙa kai mata ba. Sai a sunkuyar da ita. Kowace za ta kula da mita 12, don haka a saita tsakiyarta a kan kunnen wanda ke wajen mita 8, wato kashi biyu cikin uku na yankinta. Idan tsakiyar lasifikar na mita 2.7, kuma ana nufin tsayin mita 1.2 a nisan mita 8, saukar mita 1.5 ke nan, kusan digiri 10. Ba sai da na'urar awo ba: ka ɗora ƙaramar tocila a saman lasifikar, haskenta na bin inda fuskarta ke kallo, ka sa mutum ya zauna a wurin da ake nufi, ka sunkuyar har hasken ya sauko kusa da kansa. In hasken yana kan bangon baya, can sautin ma yake zuwa. A kula da fankar silin kuma. Lasifikar da ke sama da fanka, ko wadda ke harbi ta cikin fikafikanta, muryarta na fitowa tana karkarwa. In akwai kubba, kada a bar wata lasifika ta kalle ta ko ta zauna a ƙarƙashin bakinta tana kallon sama, domin kubba tattara sauti take yi ta sako shi wuri ɗaya.

Biyun tsakiya ba za su yi amfani ba sai an jinkirta su, kuma nan ne aiki da yawa ke lalacewa. Lantarki yana isa lasifikar tsakiya nan take, sautin na gaba kuma sai ya yi tafiyar mita 12 a iska, kusan milisakan 35. In ba a gyara ba, wanda ke sahun baya zai fara jin ta kusa da shi, sannan ta gaba ta biyo. Gyaran shi ne a riƙe na tsakiya har sautin gaba ya iso:

```
12 m ÷ 343 m/s = 0.035 s = 35 ms
35 ms + 10 ms = 45 ms
```

Ƙarin milisakan 10 ɗin da gangan ne. Kunne yana ɗaukar inda sauti ya fara isowa a matsayin inda mai magana yake, don haka in na gaba ya riga da ɗan kaɗan, mutum zai ji kamar daga wajen liman muryar ke fitowa, ko da lasifikar da ke kusa da shi ce ke yin yawancin aikin. Ana yin wannan ne da na'urar sarrafa lasifika da ake sawa tsakanin miksa da amfilifaya, ko a cikin miksa ta zamani, a wurin da aka rubuta DELAY a kan layin fita. Dole biyun tsakiya su sami tasu tashar amfilifaya daban. Kada a rikita shi da maɓallin ECHO ko REVERB na ƙananan miksoci, wanda wani lokaci shi ma ake rubuta masa DELAY. Wancan ƙara amsa-kuwwa yake yi da gangan. Wasu na buɗe shi don karatu ya yi daɗi, amma ɗakin da ke ja sakan 3.5 ba ya bukatar taimako. A rufe shi gaba ɗaya. Ƙarfin na tsakiya kuma ya ɗan yi ƙasa da na gaba, cikewa kawai suke yi.

In babu halin sayen kolum yanzu, ku yi wannan jeren da huɗu daga cikin akwatunan da kuke da su, a sauko da su, a sunkuyar. In na'urar jinkiri ma babu, ku gwada biyun gaba kaɗai kafin ku ƙara komai. Sau da yawa biyu da aka saita daidai sun fi takwas ɗin da ake da su.

Wurin makirufo yana da ɗan bambanci tsakanin masallaci da coci. Makirufon magana na yau da kullum yana ji ta gaba, bayansa kuma kurma ne, don haka ana so lasifika ta kasance ta bayansa. A coci abin a miƙe yake: fasto na fuskantar jama'a, sai a kafa lasifikokin gaba da mumbari ta ɓangaren jama'a, ba a bangon da ke bayan bagade ba. In akwai mawaƙa da kiɗa, lasifikar da ake ajiye musu a ƙasa don su ji kansu a rage ta ko a kashe ta lokacin wa'azi, domin bangon gaba take duka ta dawo. A masallaci, lokacin salla liman na kallon alƙibla, bayan makirufonsa na wajen bangon da lasifikokin suke, babu matsala. Amma in ya hau mumbari ya juyo, makirufon ya koma kallon wannan bangon. Shi ya sa lasifikar da ke ɓangaren mumbari take bukatar nisan aƙalla mita 2 zuwa 3 daga gare shi, ko a ɗan turo ta gaba. In ana jin ƙugi lokacin huɗuba amma ba a ji lokacin salla, dalilin ke nan.

Bakin mai magana ya kasance santimita 5 zuwa 10 daga makirufo. In ya ja baya zuwa rabin mita, makirufon zai kwashi jan ɗakin ya sake tura shi cikin lasifika, abin ya ninku. Duk makirufon da ba a amfani da shi a rufe shi, domin duk lokacin da adadin na buɗe ya ninka, ana asarar desibel 3 na ƙarfin da za a iya kaiwa kafin ƙugi. A kan miksa, a danna LOW CUT ko HPF, wato maɓallin da ke yanke sauti mai kauri, wajen 100 zuwa 120 Hz. A rage wajen 250 zuwa 400 Hz da desibel 3 ko 4, nan ne gunjin ɗaki ke taruwa. A ɗan ɗaga wajen 2 zuwa 4 kHz da kamar desibel 2, nan baƙaƙe suke. In miksar mai maɓalli uku ce kawai, a rage LOW sosai, a bar sauran kusa da tsakiya. Murya mai kauri tana burge mai saita na'ura, amma a ɗaki mai ja ita ce ke fara dagula magana.

A duba wayoyi tun ana sama. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi a kowace lasifika. In aka juya ɗaya, wanda ya tsaya tsakanin biyun zai ji muryar ta yi fayau kamar babu ciki. In tsarin 100V kuke amfani da shi, jimillar wat ɗin da aka zaɓa a taransifomomin lasifikokin kada ta wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin amfilifaya. In na om 8 ne, biyu a tasha ɗaya sun zama om 4, nan ya kamata a tsaya. Lasifikokin ƙaho na waje, na kiran salla, su sami nasu layin da nasu maɓallin, kuma kada su kalli taga ko ƙofar masallacin. Sashen mata ko bene shi ma ƙaramar lasifika ɗaya ko biyu mai nata jinkirin ta fi a ƙara wa na babban ɗaki ƙarfi don ya kai can.

Jere mai kyau zai kawar da maimaici ya kuma rage abin da ake zuba wa ɗakin, amma ba zai canza sakan 3.5 ɗin nan ba. Wannan aikin kayan shan sauti ne. Don a sauko zuwa sakan 1.5, A ɗinku na bukatar tashi daga 100 zuwa kusan 230. Shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashin kafet, ko kafet mai kauri da sosonsa, na iya ƙara kamar 70. Sauran kuma allunan audugar dutse ko audugar gilashi masu kaurin santimita 5, a cikin firam na katako, a lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa. In ka kara yadin a baki ka hura iska ta wuce, ya yi. Irin wannan allo yana shan kusan kashi 90 cikin ɗari a zangon murya, don haka murabba'in mita 70 zai ba da kamar 63, wato alluna kusan ɗari masu santimita 120 da 60. Ba dole a yi su rana ɗaya ba. A fara da bangon baya, daga wajen mita 1.2 zuwa sama, domin shi ne ke maido wa liman muryarsa. Sai bangon gefe, a warwatse, yadda allon wannan gefe zai fuskanci fili a wancan gefen. In an bar ɗan sarari na santimita 5 tsakanin allo da bango, yana ƙara shan sauti mai kauri. Labule mai nauyi da aka tattare shi ninki biyu yana taimakawa a kan tagogi, a coci kuma kujeru masu katifa suna yin aikin da kafet ke yi. Kiret ɗin ƙwai da siririn soso kuwa ɓata lokaci ne: saman sauti kaɗai suke taɓawa, su bar gunjin, ga kuma haɗarin gobara.

Idan an gama, kada a gwada da "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu", kuma kada a gwada da surar da kowa ya haddace, domin kunne zai cike abin da bai ji ba. A sami mutum biyar, a zaunar da su a sahun farko, da tsakiya, da ƙarƙashin lasifikar tsakiya, da kusurwar baya, da bayan ginshiƙi, kowa da takarda. Mai karantawa ya juya musu baya, ya karanta kalmomi ashirin masu kama da juna a hargitse, irin su sara, tara, fara, shara, tsara, su kuma su rubuta. A yi shi da fankoki a kunne, tunda haka ake zama. Wurin da aka sami kuskure fiye da biyu ko uku, a je a tsaya a saurara. In murya biyu ake ji, jinkirin ne bai daidaita ba, a ƙara ko a rage milisakan biyar-biyar. In muryar ta dushe ne babu kaifi, wurin ya fita daga inda lasifikar ke kallo, a gyara juyinta ko sunkuyonta. In kuwa gunji ne ko'ina daidai, a rage ƙarar gaba ɗaya da desibel 3 a sake karantawa, sannan a koma kan alluna. Da an sami saitin da ya yi, a ɗauki hoton miksar, a manna alama a kan kowane maɓalli, a kulle akwatin na'urar, a bar wa ladan maɓallin kunnawa da na ƙara kaɗai.